Takardar kaka: Larabci ce ko ajami?

Tambaya: Malam, na tsinci wata tsohuwar takarda a gafakar kakanmu, na ɗauki hotonta. Baƙaƙen Larabci ne, amma wanda na nuna wa ya ce bai gane komai ba. Ya zan san yaren da aka rubuta ta da shi?

Amsa: Malam, fara da gano irin hannun kafin ka zo kan yare. Nemi fa da ƙaf. Idan fa na da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, rubutun Warshu ne, irin na allo, wanda ya samo asali daga Magrib. Wanda ya saba da bugun Hafsi kaɗai zai ɗauki wannan ƙaf ɗin a matsayin fa, daga nan karatu ya rikice masa ko da Larabci ne tsantsa. Ina kyautata zaton abin da ya faru da mutuminka ke nan.

Kada layin farko ya ruɗe ka. Bisimilla da salati da Larabci suke zuwa ko da sauran takardar Hausa ce ko Fulatanci. Sauka tsakiyar shafi.

A nan dubi wasula. Malamai kan bar zuben Larabci babu wasali, amma ajami da wuya a bar shi haka, domin ba zai karantu da sauƙi ba. To sai ka ɗauki layi guda ka karanta da ƙarfi, kana ba baƙaƙen sautinsu na Hausa: angai ya zama g, baƙi mai ɗigo uku da ke bin harafin ta a jerin baƙaƙe ya zama c, ɗa mai hannu ya zama ɗ, in an ɗora masa ɗigo uku ya zama ts, babban ɗigon imala a ƙasa kuma ya ba da e. Misali, ka ga angai da wasali bisa, sin da ɗauri, kaf da wasali ƙasa, sai ya da alif. Da Larabci ba ta da ma'ana, da Hausa kuwa "gaskiya" ce. Kalma ɗaya ba ta isa hujja ba. Nemi ƙananan kalmomi masu yawan dawowa irin su da, na, ya, cikin. Kalmomin aro kamar duniya, lahira da Annabi ba sa rarrabe komai, kowane yare na da su.

Idan hakan bai fitar da Hausa ba, kuma alif da lam ba sa yawan buɗe kalmomi kamar a Larabci, duba ƙarshen kalmomi. Yawan ɓe, ɗo da nde alamar Fulatanci ce. Ƙananan kalmomi da aka cusa tsakanin layukan Alƙur'anin Barno kuwa sau da yawa Tarjumo ne, wato tsohon Kanembu, wanda ko Babarbare sai ya koya.

Duba hoton ma. Kyamarar gaba ta waya kan juya rubutu kamar madubi. Sake ɗauka da ta baya, cikin hasken rana, shafin gaba ɗaya har gefuna, gaba da baya.