Gaisuwa da kan saƙo a imel ɗin neman aiki

"Kawu, na ga tallar aikin akanta a Kano, sun ce a tura CV ta imel. Ina jin nauyin in faɗa wa manya buƙatata babu gaisuwa. Yaya ake yi? Kuma me zan sa a Subject?"

'Yata, kunyar nan taki tarbiyya ce, kuma na ji daɗinta. Amma wanda zai buɗe saƙonki ba a zaure yake zaune ba. Lokacin da nake ofishin ɗaukar ma'aikata, gurbi ɗaya sai ya jawo saƙonni ɗaruruwa. Ba bi muke ɗaya bayan ɗaya ba. Sunan aikin muke bugawa a wurin bincike, duk saƙon da ya fito mu kwashe shi gefe guda. Wadda ta rubuta "Assalamu alaikum" ko "My CV" a kan saƙonta, ko ta bar wurin fayau, sai ta ɓace a cikin tarin, ko da ta fi kowa takardu. Har yau abin yana damuna.

Don haka ki koma ki karanta tallar a tsanake. In sun ce a sa sunan aiki da gari, ki kwafe shi harafi da harafi, kada ki gyara musu. Misali:

```
Application for Accounts Officer - Kano
```

Sai ki ƙara cikakken sunanki a ƙarshe. In akwai lambar gurbi, ita ma ta shiga. Kuma sabon saƙo za ki buɗe. Kada ki tura tsohon da kika aika wani wuri, don Fwd: zai fito a gaba, su gane saura aka ba su.

A cikin saƙon, gaisuwa layi ɗaya ta wadatar: Dear Sir/Madam, tunda da Turanci suka yi tallar. Daga nan jimla uku ko huɗu: aikin da kike nema da inda kika ga tallar, HND ɗinki da bautar ƙasa da kika kammala, da shekaru 2 da kika yi kina riƙe littafin kuɗi a kantin magani. Ki ce CV na haɗe, ki yi godiya, ki sa suna da lambar waya. Ban da roƙo, ban da labarin halin da gida ke ciki. Wannan ba ya ƙara miki maki.

Shi kuwa CV ɗin, ki mayar da shi PDF don kada tsarinsa ya wargaje a na'urarsu, ki raɗa masa sunanki maimakon Document1. Fara liƙa shi kafin ki rubuta adireshinsu, don mantuwa ba ta sallama. Ki tura wa kanki tukuna, ki buɗe a waya ki gani. In ya fito daidai, turo mini in duba kafin ranar rufewa. Ki gaida mamanki.