Gudun gwaji kafin a kunna sabon aikin sabunta dashbod

Tambaya: "Assalamu alaikum. Na sake rubuta aikin da ke sabunta alƙaluman dashbod ɗinmu kowane dare a PostgreSQL, kuma na sa masa `--dry-run`. Na gwada, ya kammala babu kuskure, jimlar watan ma ta zo kusan daidai da ta dashbod. Shin wannan ya isa in kunna shi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A ganina bai isa ba tukuna, kuma kalmar nan ta "kusan" da ka faɗa ita ce ta sa na zauna rubuta maka wannan amsa, domin ta taɓa yaudarata a wani kamfanin sayar da katin waya da data inda na yi aiki.

Da farko ka duba abin da `--dry-run` ɗin naka yake yi a zahiri. Idan lissafi kawai yake yi ya buga adadin layuka a allo ya fita, abin da ka tabbatar shi ne shirin bai faɗi ba, amma ba ka san ko alƙalumansa daidai suke ba. Gudun gwaji mai amfani shi ne wanda yake karanta ainihin bayanan da tsohon aikin yake karantawa, ya bi duk matakan da zai bi ranar da aka kunna shi, sannan ya zuba sakamakonsa a wani teburi na daban mai siffa ɗaya da na dashbod. Ni nakan buɗe wani sashe a rumbun bayanai mai suna `gwaji`, in bar `live` yadda yake. Kada kuma ka dogara da zaɓin `--dry-run` kaɗai wajen kare teburin gaske, domin layi ɗaya da aka manta ba a sa masa sharaɗi ba ya isa ya yi ɓarna. Ka gudanar da gwajin da asusun da aka ba shi izinin `SELECT` kawai a kan `live`, ta yadda ko shirin ya yi yunƙurin rubutu, rumbun ne zai hana shi. Haka nan ka kula da teburin da ake ajiye alamar inda aka tsaya jiya. Idan sabon aikin da tsohon suna amfani da alama guda kuma gwajin ya matsar da ita gaba, tsohon aikin zai tsallake cinikin ranar a daren nan ba tare da ya yi ƙorafi ba. Saƙonnin imel da aikin yake aikawa bayan ya gama su ma a rufe su.

Sai kuma lokacin yanka. Dole ne ayyukan biyu su ga bayanai iri ɗaya, in ba haka ba za ka ɓata yini kana bin bambancin da agogo ne ya haifar da shi. Idan tsohon aikin yana tashi ƙarfe 2 na dare, kai kuma ka gudanar da naka ƙarfe 10 na safe, ciniki na awa takwas ya shiga tsakani. Ka sa gwajin ya tashi tare da tsohon, ko ka ba shi iyakar lokaci guda da ta tsohon.

Game da kwatancen kansa, jimlar wata tana ɓoye kuskure, saboda abin da ya ragu a nan yakan ƙaru a can. Ka kwatanta a matakin da teburin yake, layi da layi:

```sql
SELECT rana, wakili, t.jimla AS tsoho, s.jimla AS sabo
FROM live.ciniki t
FULL JOIN gwaji.ciniki s USING (rana, wakili)
WHERE t.jimla IS DISTINCT FROM s.jimla;
```

Na zaɓi `FULL JOIN` domin layin da yake gefe ɗaya kaɗai ya fito, na kuma zaɓi `IS DISTINCT FROM` maimakon `<>` domin idan ɗaya daga cikin biyun `NULL` ne, `<>` zai bar layin ya wuce shiru.

A wancan kamfanin da na yi aiki, teburinmu yana da wakilai 40, na ɗauki kwana 30, layuka 1,200 ke nan. Jimlar watan ta bambanta da ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu, har na fara shirin kunnawa. Da na gudanar da wannan kwatance sai layuka sama da 900 suka fito. Na ɗauki wakili ɗaya na jera kwanakinsa a takarda, sai na lura cewa abin da ya bar Talata ya koma Litinin, abin da ya bar Laraba ya koma Talata, haka har ƙarshen wata. Duk sa'ad da ka ga kuɗi yana sauya rana ba tare da ya ɓace ba, ka fara zargin agogo. Lokacin ciniki yana ajiye a matsayin `timestamptz`, kuma idan aka mayar da shi rana da `::date`, sakamakon yana bin yankin lokacin da haɗin yake kai. Tsohon aikin yana kan `Africa/Lagos`, sabon kuwa sabar da na ɗora shi tana kan `UTC`, wanda yake bayanmu da awa ɗaya. Saboda haka wanda ya sayi data ƙarfe 12:30 na dare, sabon aikin yana ganinsa 11:30 na daren jiya. Gyaran layi ɗaya ne, wato a rubuta yankin a fili:

```sql
(created_at AT TIME ZONE 'Africa/Lagos')::date
```

Bayan gyaran, layuka 37 suka rage, kuma waɗannan sun fi ba ni wahala, domin a cikinsu duka sabon ya fi tsohon ƙanƙanta. Na bi uku daga ciki har zuwa ainihin cinikin, na tarar da cewa ciniki ne da aka soke aka mayar wa mutane kuɗinsu bayan kwana biyu ko uku. Tsohon aikin ba ya waiwayar ranar da ya riga ya rufe, sabon kuwa yana sake lissafi. A nan dashbod ɗin da kowa ya yarda da shi ne mai kuskure. Ban yanke hukunci ni kaɗai ba, domin sashen kuɗi sun riga sun fitar da rahotanni da tsofaffin alƙaluman, kuma idan suka wayi gari suka ga cinikin watan jiya ya sauka ba tare da bayani ba, sabon aikin za su zarga. Na kai musu jerin layukan da dalilin kowanne, suka amince a rubuce, sannan na ci gaba. Wannan ne ya sa ba na son ƙa'idar cewa bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba ya wuce. Kowane bambanci ya samu bayani: ko sabon ne ya yi kuskure a gyara, ko tsohon ne a sanar da masu amfani.

Ko teburai sun yi daidai, da saura, domin mutane dashbod suke kallo, shi kuma yana da nasa matatai da lissafe-lissafe. Ka kwafi dashbod ɗin, ka juya kwafin zuwa `gwaji`, ka buɗe su gefe da gefe, ka tabbatar ba tsohon sakamakon da aka ajiye na wucin gadi kake gani ba. Ta haka na gano cewa jadawalin yankuna ya fito fayau babu komai, saboda matatar tana neman cikakken sunan yanki, sabon aikin kuwa gajeren suna yake rubutawa, irin su `NW`. Kwatancen jimla ba zai taɓa nuna wannan ba.

Ka bar ayyukan biyu su yi tafiya tare aƙalla dare bakwai a jere, kuma idan da hali makon ya ratsa ƙarshen wata, domin a nan ne lissafin kwanan wata ya fi karyewa. Duk daren da bambancin da ba ka da bayaninsa ya fito, ƙidayar ta koma farko. Ranar kunnawa ka zaɓi farkon mako lokacin da kake kusa, ka kashe jadawalin tsohon aikin kafin ka ba sabon izinin rubutu don kada su rubuta a teburi ɗaya, ka kuma ajiye kwafin `live.ciniki` na daren ƙarshe. Idan ka gudanar da kwatancen, turo mana layuka biyar na farko da suka fito, a goge sunayen wakilai, mu duba su tare.