Tambayoyinku: Me Ya Sa Bayanin Kaina Yake Warin Fassara?

Tambaya: Malam, ni mai ɗaukar hoto ce. Na rubuta bayanin kaina na Instagram da Turanci, sannan na mai da shi Hausa kamar haka: "Mai ƙirƙirar abun ciki | Mai sha'awa game da hoto | Tare da shekaru 5 na ƙwarewa | Ina taimaka wa alamu su girma | Ji 'yanci ka tuntuɓe ni". Yayata ta karanta ta ce ba ta gane sana'ata ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malama, ki yi wa yayarki godiya, ta faɗa miki abin da masu leƙa shafinki suka gani suka wuce ba su faɗa ba. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kalmominki duk na Hausa ne, amma ginin na Turanci ne, kuma tun daga sa'ar da kika fara rubutawa da Turanci aka yi ɓarin.

Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. "Mai ƙirƙirar abun ciki" ita ce ta fi ba ni takaici, domin ta cika shafukan matasanmu. Bahaushe in ya ji "abun ciki", tumbi da hanji ne za su fara zo masa a rai, ko kuma ya ɗauka maganar juna biyu ake yi. Turanci yana da kalma guda da ta haɗa hoto da bidiyo da rubutu da murya. Mu ba mu da ita, kuma ba ma bukatarta, don kowa ya san abin da yake yi. Mai bidiyo ya ce yana haɗa bidiyo, mai rubutu ya ce yana rubutu. Ke hoto kike ɗauka, to ki ce hoto.

"Mai sha'awa game da hoto" ba ta gaya wa kowa komai ba. Wanda ke kallon hoto ma yana sha'awarsa. Wannan "game da" ɗin kuma baƙuwa ce a wurin, an jawo ta ne don ta tsaya a gurbin wata 'yar kalmar Turanci. Muna cewa "mai sha'awar hoto" kai tsaye. Amma ko an gyara ta ni dai zan cire, domin mai neman wanda zai yi masa aiki ba sha'awarki ya zo tambaya ba.

Sai "tare da shekaru 5 na ƙwarewa". Tsakani da Allah, kin taɓa jin wani ya faɗi haka da bakinsa? Abin da muke cewa shi ne "shekarata biyar ina wannan aiki". Kin ga shekarun sun zama naki, aikin kuma yana tafiya. Ƙwarewa kuwa ba mutum ke ba kansa ita ba, masu ganin aikinsa ne ke faɗa. Haka ma masu rubuta "uba mai alfahari" ko "uwa mai alfahari": a Turanci yabo ne, a kunnen Bahaushe kuwa alfahari ya fi kusa da taƙama. "Mahaifin yara uku" ta wadatar.

"Alamu" kuma fa? Na san kamfanoni da masu sayar da kaya kike nufi, amma mai karatu alamar hanya zai hango, kuma alama ba ta girma. "Ji 'yanci" ita ma haka: 'yanci a wurinmu babbar magana ce, ta ƙasa da ta bawa, ba a kawo ta kan tura saƙo. Ga kuma wani lahani da ba ki lura da shi ba. Da kika ce "ka tuntuɓe ni", kin sallami duk mata. Turanci ba ya bambanta namiji da mace in ana yi wa mutum magana, Hausa kuwa tana yi. A bayanin da kowa zai karanta sai a ce "a tuntuɓe ni" ko "ku tuntuɓe ni".

Waɗannan sandunan da kika jera tsakanin kalmomi su ma ina da magana a kansu. Turanci yana jure a tara sunaye a jere babu aikatau ko ɗaya. Hausa aikatau ne ƙarfinta, in aka cire shi sai magana ta zama kamar jerin kayan da aka rubuta a takarda.

Ga abin da nake sa kowa ya yi, kuma ba na gajiya da faɗa. Ki ajiye Turancin gefe, kada ma ki kalle shi. Ki buɗe WhatsApp, ki ɗauki muryarki kamar wata gwaggonki ce ta tambaye ki, "Wai ke wane aiki kike yi ne?" Ki ba ta amsa yadda za ki ba ta, ki saurara, ki rubuta abin da kika ji, sannan ki rage. Instagram haruffa 150 yake bayarwa a gurbin `Bio`, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Na tabbata abin da zai fito ba zai yi nisa da wannan ba:

"Ina ɗaukar wa 'yan kasuwa hoto da bidiyon kayansu. Shekarata 5 ina wannan aiki. Masu buƙata su turo saƙo."

Haruffa 105 ke nan, naki na da kuwa 138 ne. Ya fi gajarta, ya faɗi aikin, ya faɗi waɗanda ake yi wa, ga sauran fili da za ki sa sunan garin da kike aiki. Kafin ki ɗora, ki karanta wa yayar taki da baki. Duk inda harshenki ya sarƙe, ko ta ce "wato me?", nan ne sauran Turancin ya maƙale.

Tambaya: Wayata ba ta da ƙ da ɗ da ɓ. In rubuta da k da d da b kawai?

Amsa: Tana da su, ɗan'uwa, kai ne ba ka nema ba. A Gboard, manhajar allon rubutu ta Google, ka shiga `Languages`, ka taɓa `Add keyboard`, ka zaɓi Hausa. Galibi in ka danne harafin ka riƙe, mai lanƙwasar zai fito. Kada ka rubuta "mai kishin kasa", domin kasa maciji ce. Sunan shiga na Instagram ne kawai ba ya karɓarsu, amma gurbin `Name` da na `Bio` suna karɓa.

Tambaya: Na sa bayanina cikin haruffan ado masu kwana-kwana, sai ƙ da ɗ suka fito daban da sauran. Yaya zan gyara?

Amsa: Ba ya gyaruwa. Waɗannan ba haruffan rubutu ba ne, alamomin lissafi ne da ke cikin Unicode, tsarin haruffan kwamfuta da waya, kuma babu masu lanƙwasa a cikinsu. Wasu wayoyin akwatuna suke nunawa a madadinsu, manhajar da ke karanta wa makafi rubutu kuma ko ta tsallake su ko ta riƙa kiran sunansu ɗaya-ɗaya. Goge su ka rubuta da haruffan da kowa ya sani.

Tambaya: Ina so in sa karin magana a bayanina na X. Zai sa ya zama Hausa sosai?

Amsa: Zai yi, in naka ne da gaske kuma ya dace da abin da kake yi. Amma X haruffa 160 ya ba ka. Ka fara faɗin ko kai wane ne da aikinka, in fili ya rage ka sa karin maganar, guda ɗaya tak. Kuma kada ka ɗauko na Turawa ka sa masa rigar Hausa, ka koma ka karanta amsar da na ba mai hoto a sama.