Wane shafi ne jama'a ke amfani da shi da gaske?

Tambaya: Ina sayar da kayan fata a Sakkwato, kuma ina da gidan yanar gizo mai shafi 12. Cikin kwana 28, manhajar Google Analytics mai ƙirga masu ziyara ta nuna Views 900 a shafin farko, 310 a na jakunkuna, 240 a na takalma. Shin jakunkuna aka fi nema?

Amsa: Malam, wannan lamba ita kaɗai ba za ta gaya maka ba. Views na ƙirga duk lokacin da aka buɗe shafi, ko da mutum ɗaya ne ya buɗe sau goma, ko kuma intanet ta yi nauyi ya riƙa sake lodawa. Shafin farko kuwa zaure ne, yawancin masu shigarsa wucewa suke yi, don haka ka ajiye 900 ɗin gefe.

Shiga Reports, ka zaɓi Engagement, sannan Pages and screens. Kusa da Views akwai Active users, wato yawan mutanen da suka zo, da Average engagement time, lokacin da shafin ya ɗauka a buɗe gaban mai dubawa. Su biyun za ka haɗa.

A ce jakunkuna na da mutum 60, takalma 190. Raba 310 da 60, kowane mutum ya buɗe kusan sau biyar ke nan; na takalma bai kai sau biyu ba. Sau biyar abin zargi ne. Sau da yawa mai shagon ne da yaronsa ke shiga suna duba hoto ko gyara farashi, manhajar na ƙirga su kamar baƙi. Ana iya cire ziyarar cikin gida da lambar IP, wato lambar da intanet ke gane layinka da ita, amma in da datar waya kake shiga, lambar na yawan canzawa, dabarar ba ta riƙewa. Ka rubuta ranakun da ka yi gyara, ka gani ko a nan lambar Views ta yi tsalle.

Sai lokaci. In ana yin minti ɗaya a takalma, daƙiƙa takwas a jakunkuna, takalma ake dubawa. Daƙiƙa takwas a shafi mai hotuna 20 na iya nufin hotunan sun yi nauyi, mutum ya gaji ya fita. Gwada buɗe shi a ƙaramar waya. Amma kada ka yi wa shafin adireshi da lambar waya wannan hukunci, can gajeren lokaci daidai ne, an samu abin da aka zo nema.

Abin da na fi yarda da shi ga ɗan kasuwa shi ne maɓallin WhatsApp. In Enhanced measurement, wato saitin Google Analytics da ke ƙirga irin waɗannan danne-danne da kansa, na kunne, danna mahaɗin WhatsApp na wa.me na fitowa a matsayin click, ka kuma iya duba daga wane shafi aka danna. Kada ka yanke hukunci da bayanan yau ko jiya, domin sukan ɗauki awa 24 zuwa 48 kafin su kammala shigowa.