Mura da zazzaɓi: a haɗa farasitamol da ibufurofen?

Tambaya: 'Yan uwa, mura ta kwantar da ni kwana biyu ke nan, ga zazzaɓi ga ciwon gaɓoɓi. Ina shan Panadol da Procold, amma jikin bai sake ni ba. Zan iya ƙara ibufurofen a kai?

Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Na daɗe ina aikin jinya a nan Katsina, kuma duk hunturu sai na ci karo da irin wannan. Kafin ka ƙara komai, ɗauko kwalayen biyu ka karanta bayansu. Panadol farasitamol ne, Procold ma akwai farasitamol miligiram 500 a kowace ƙwaya. Magani ɗaya kake sha da suna biyu.

Ƙa'idar babban mutum ita ce ƙwaya ɗaya ko biyu ta miligiram 500, da tazarar awa 4 zuwa 6, kar ya wuce ƙwaya 8 a awa 24. Bara wani ƙanena a Daura ya yi wannan kuskuren. Yana shan biyu da safe, da azahar, da magariba, da lokacin kwanciya, takwas sun cika ke nan, sai kuma ya ɗora maganin mura sau uku. Ƙwaya 11, giram 5 da rabi, shi kuwa a lissafinsa bai wuce ƙa'ida ba. Da na ƙirga masa, a ranar muka tafi asibiti aka duba hantarsa. Abin tsoron shi ne idan farasitamol ya yi yawa, ranar farko mutum garau yake, ko ɗan tashin zuciya kawai. Sai bayan kwana biyu ko uku ciwo ya taso ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ido ya yi rawaya, lokacin hanta ta riga ta taɓu. Don haka in ka ƙirga naka ya haura takwas, kar ka jira alama, ka je a duba ka yau.

Shi ibufurofen wani magani ne daban, ana iya shansa tare da farasitamol. Miligiram 200 zuwa 400 ake sha duk awa 6 zuwa 8, kar ya wuce 1,200 a rana sai da izinin likita, kuma bayan ka ci abinci, ko da koko da ƙosai ne. Amma mai olsa, da mai ciwon ƙoda, da mace mai juna biyu, su bar shi. Mai asma da mai hawan jini su fara tambayar likita. Haka idan kana amai ko gudawa, ko ba ka iya shan ruwa sosai, don a wannan halin yake taɓa ƙoda. Kuma kar a ce maka ƙara da diklofenak a kemis, dangi ɗaya ne da ibufurofen, ciki ne zai sha wahala.

In gobe zazzaɓin bai sauka ba, ka je a yi maka gwajin maleriya, don mu nan sau da yawa ita ce ke lafewa a bayan mura. In kuwa numfashi ya fara yi maka wuya, kar ka jira goben.