Ƙwallo ɗaya, Auwalu ba ya gani, Habu yana kan keke

Malam, an ba ni aji biyu na ƙaramar sakandare in yi musu darasin ƙwallon ƙafa, yara arba'in da shida, minti arba'in. Akwai Auwalu da ba ya gani sam, akwai Nasiru mai dogara sanda biyu, akwai Habu da shan inna ya kama wa ƙafafu, a keke yake zuwa. Makon jiya na sa su a inuwa suna jiran jakunkuna, zuciyata ba ta kwanta ba. Yaya zan sa su a wasan ba tare da wani ya ji rauni ba?

Sani, ɗana, da farko ka raba su uku a kanka, don ba abu ɗaya suke buƙata ba, har ma buƙatar wani tana karo da ta wani. Auwalu da kunne yake wasa, duk abin da ba ya ƙara babu shi a duniyarsa. Keken Habu kuwa ƙarfe ne da ke tsaye shiru, sandar Nasiru kuma tana fitowa gefe daidai inda ƙafa ke wucewa. Wannan karon shi ne aikinka, sauran duk mai sauƙi ne.

Na san haka ne don na taɓa yin kuskuren. Shekarun baya ina da yaro makaho da wani mai keke a aji ɗaya. Na yi wa kowanne tanadinsa daban, ina jin na gama dabara, na jefa ƙwallo. Ba a yi minti biyar ba mai keken ya gangaro neman ƙwallo, ɗayan ya biyo ƙararta a guje, ya haɗu da ƙarfen da ake murzawa da hannu, leɓensa ya fashe. Makonni uku bai yarda ya sake taka filin ba. Laifina ne, ban yi tunanin su biyun tare ba.

To mu fara da ƙwallo. Masu wasan makafi na gaske suna da tasu mai ƙararrawa a ciki, amma kai ba ka da ita, kuma ba sai ka jira ta ba. Ka ɗan rage wa taka iska don ta daina tsalle da gudu, ka sa ta a cikin leda mai ƙara, irin mai ƙaras-ƙaras ɗin nan, ka ɗaure bakin tam, ka danne ƙullin da salatif. Ka zo da leda uku ko huɗu a aljihu, yashi yana cinye su. Abin da za ka riƙe shi ne ledar tana magana ne kawai in ƙwallo tana birgima a ƙasa. Da ta tashi sama ko ta tsaya cak, ta ɓace wa Auwalu. Saboda haka dokar ranar ga kowa da kowa: ƙwallo ba ta wuce gwiwa, in kuma ta tsaya, na kusa ya taka ta ya girgiza. Kada ka ce an yi dokar don Auwalu. Ce musu yau darasin fasin ƙasa ne, kuma gaskiya ka faɗa, yawancinsu ba su iya shi ba.

Filin makafi na ƙa'ida mita 40 ne a tsawo, 20 a faɗi, da katako a gefe biyu masu tsawo don ƙwallo ta riƙa dawowa, 'yan wasa kuma biyar-biyar. Kai ka auna taku ashirin da biyar da taku goma sha biyar, a wuri mai tauri, don tayar keke da robar gindin sanda duk nutsewa suke a yashi. Ka tsince duwatsu da kanka. Katako kuwa ga shi nan Allah ya ba ka: yara arba'in da shida. Goma suna ciki, sauran su jeru a gefe biyu su zama katanga, ƙwallo ta zo su mayar da ita ciki da taɓawa ɗaya, bakinsu a rufe. Shirun nan ba ƙawa ba ne, a manyan gasanni ma 'yan kallo shiru suke yi har sai an ci. Yara ba sa iya shiru na tsawon lokaci, don haka kowane minti huɗu ka canza na ciki. In hunturu na kaɗawa da ƙarfi, ko janareta na aiki kusa, ka matsa bayan azuzuwa ka ƙara rage filin.

Kafin sauran su fito, ka ba Auwalu minti biyar. Kada ka ja shi, ka bar shi ya riƙe gwiwar hannunka, ku zagaye filin, ya taɓa turakun raga biyu, ya ƙirga taku daga wannan zuwa wancan. Ka tambaye shi ko yana ganin haske, wani yakan gane ɓangaren da rana take ya yi amfani da shi. Ka kuma tambayi iyayensa ko likitan ido ya hana shi wani abu, don akwai ciwon idon da bugu a kai ke ƙara lalatawa. Ko ba a hana ba, babu buga ƙwallo da kai a wannan darasi.

Yanzu ga maganin karon. Habu ba ya yawo. Ka zana masa da'ira da toka a gefen dama na tsakiyar fili, faɗinta taku uku, nan ne tasharsa, ba mai shiga. Nasiru ma tasa tashar a gefen hagu, shi ɗan wata ƙungiyar. Ka kai Auwalu ya shafa keken da hannu, ya san inda yake da tsayinsa. Sannan ka ba ƙarfen nan murya: duk lokacin da Auwalu ya doso taku biyar, Habu ya ce "keke, keke" har ya wuce, Nasiru ya ce "sanda". Sauran yara masu zuwa ƙwace ƙwallo dole su riƙa cewa "ga ni, ga ni". Wannan ba ƙirƙirata ba ce, a wasan makafi akwai kalmar Sifaniyanci da ake faɗa, "boi", wanda ya je wa ƙwallo bai faɗa ba an hura masa laifi. Kai ma ka hura, ko da Auwalu yana can nesa, don ya zama ɗabi'a. Usur ɗaya kuma ma'anarsa kowa ya sandare a inda yake. Ka gwada wannan sau uku kafin a fara.

Tashar ba kurkuku ba ce, ka kula. Ƙwallo ta shiga da'irar, mai ita yana da daƙiƙa uku ba mai taɓa shi, ya duba ya raba. Nasiru ya kafa sandunan biyu gaba kaɗan, ya ɗora nauyinsa a kansu, ya lilo ƙafar da ta fi ƙarfi ya buga da cikin ƙafa. A wasan masu ƙafa ɗaya, taɓa ƙwallo da sanda da gangan kamar taɓawa da hannu ne, ka gaya masa haka, zai ji daɗi cewa shi ma doka ta hau kansa. Habu kuwa da hannu zai buga. In yara suka yi gunaguni, ka tuna musu da wasan da masu shan inna ke yi a kan katako mai taya, suna buga ƙwallo da hannu, wanda Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988, har gasa ake yi a ƙasar nan. Ka tambayi Habu ko ya fi son sauka ƙasa a kan tabarma. Wasu sun fi sauri a ƙasa nesa ba kusa ba, wasu kuma kunya suke ji a gaban 'yan aji. Zaɓinsa ne. In ya sauka, a fitar da keken daga fili gaba ɗaya, kalmarsa ta koma "ƙasa, ƙasa", don yanzu yatsunsa ne abin tsoro.

Minti goma na farko biyu-biyu za su yi da duk ƙwallon da ka samu, taku biyar tsakani. Ni da zan haɗa, Auwalu da Habu zan haɗa, su saba da muryar juna. Mai karɓa ya tafa sau biyu, mai bayarwa ya buga wa tafin. Auwalu ya tsaya dugadugai kusa da juna, yatsu a buɗe, ƙwallo ta shigo tsakani ya taka ta da tafin ƙafa. In zai ja ta, tsakanin ƙafafunsa biyu za ta zauna, dama ta tura wa hagu, hagu ta mayar, taku ƙanana. Da ya tura ta gaba irin ta masu gani, ta tafi. Ba zai ga nunin da kake yi ba, don haka ka nemi izininsa, ka durƙusa ka daidaita masa ƙafar da hannunka.

A cikin wasa, mutum ɗaya tak ke yi masa jagora, yana tsaye bayan ragar da yake ci, yana kiran sunansa, in za a yi bugun tsaye ya ƙwanƙwasa turken dama da na hagu. Ka hana "can!" da "nan!", ba su da ma'ana ga wanda ba ya ganin yatsa. "Dama, taku huɗu, buga." Wurin da jagora ke faɗuwa kullum shi ne yana fuskantar Auwalu, sai ya faɗi damarsa shi, alhali hagun Auwalu ce. Ka gwada shi tun kafin wasa.

Kada ka sa Auwalu a gola, a wasan makafi ma mai tsaron gida yana gani. Kada kuma ka ce cinsa biyu ne, yara suna jin haushin haka, shi ma ya san sadaka ce. Na fi son a ce ba a harbi sai mutum huɗu cikin biyar sun taɓa.

Ka sa ɗaya daga cikin 'yan katanga ya riƙe takarda yana jan layi duk sanda ɗaya daga cikin ukun ya taɓa ƙwallo. In minti huɗu suka wuce Auwalu na da layi ɗaya ko babu, yana cikin fili ne kawai, ba ya cikin wasa, sai ka rage 'yan wasa zuwa huɗu-huɗu. In ka ga ya tsaya yana karkata kai, hannuwa a miƙe a sandare, sauti ya ɓace masa, ko leda ta yage ko katanga ta fara surutu. In Nasiru ya fara yarfa hannu ko shafa hammata, sandar ta gajiyar da shi, ka kawo benci cikin tasharsa ya ci gaba da bugawa a zaune, a sanar da Auwalu an kawo benci.

Ranar da ka ga Auwalu yana kauce wa keken tun kafin Habu ya buɗe baki, ka ƙara wa da'irar taku biyu. Kafin nan kada ka taɓa ta. Ka zo mini da takardar layukan nan bayan darasin, mu duba tare.