Cek ɗin banki a cinikin mota: abin da ake dubawa kafin a miƙa makulli

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Jidda, zan sayar da motata Hilux a kan Riyal 85,000. Mai sayen ya ce da shek musaddak zai biya, har ya turo mini hotonsa ta waya, kuma yana so mu haɗu ranar Alhamis bayan la'asar in ba shi mota. Ta yaya zan gane cek ɗin na gaske ne?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya sanya albarka a cinikin. Na daɗe ina riƙe da lissafi a wani ma'arad, wato wurin sayar da motoci, a nan Jidda, kuma shawarata ta farko ita ce ka ɗage wannan haɗuwa daga yammacin Alhamis zuwa safiyar Lahadi. Ban ce mutumin macuci ba ne, domin ban san shi ba. Amma rassan banki suna rufewa da yamma, Juma'a da Asabar kuma hutu ne tun da aka sauya ranakun hutun mako a 2013, saboda haka idan ka karɓi takarda a wannan lokaci, motarka za ta yi kwana biyu da wani abu a hannun wani kafin ka sami ma'aikacin bankin da zai gaya maka ko takardar tana da daraja. Masu cek na bogi sun san wannan lissafi sarai, shi ya sa yawancin cinikinsu yakan faɗo daidai wannan lokaci.

Kafin a zo kan dubawa, ya kamata a bambance abu biyu da mutane suke haɗawa a suna ɗaya. Akwai cek na mutum wanda banki ya buga wa hatimi yana shaida cewa ya ware kuɗin daga asusunsa, akwai kuma shek masrafi, wanda bankin da kansa ya rubuta a takardarsa bayan ya cire kuɗin daga asusun mai saye, wato abin da a gida Najeriya ake kira daraf. A kasuwa duka biyun musaddak ake ce musu. Ƙarfinsu ɗaya ne: alkawarin biya ya tashi daga wuyan mai saye ya koma wuyan banki. Daga nan za ka gane iyakar abin da idonka zai iya yi maka. Dubawa da ido tana iya nuna maka cewa cek na bogi ne, amma ba ta isa ta tabbatar maka cewa na gaske ne ba. Wannan tabbaci bankin da sunansa yake kan takardar ne kaɗai zai iya bayarwa.

Hoton da aka turo maka kuwa kada ka ɗora komai a kansa. Mutum yana iya zuwa banki ya sayi cek na gaskiya da sunanka, ya ɗauki hotonsa, sannan ya mayar da asalin takardar a soke ta, kuɗinsa su koma asusunsa. Abin da zai kawo maka ranar ciniki kwafi ne da aka buga da kyau, mai ɗauke da lamba ɗaya da ta hoton.

Idan takardar ta zo hannunka, ka fara da sunanka, domin a nan ne mutanenmu suka fi shan wahala ko da cek ɗin na gaske ne. Ka fito da ikamarka, wato katin izinin zamanka, ka ajiye ta kusa da cek ɗin, ka bi sunan harafi bayan harafi da Larabci, ba yadda ake kiranka a unguwa ba. Sunayenmu suna sauya kama idan sun shiga takardun hukuma. Wanda kowa ya sani da Garba, a ikama Abubakar ne, kuma Abubakar ɗin ma wani wuri a haɗe ake rubuta shi, wani wuri a rabe. Usman yana iya zuwa da harafin sa mai ɗigo uku kamar yadda yake a asali, ko kuma da sinun idan wanda ya rubuta ya bi rubutun fasfo. Wani a takardarsa akwai Hausawi a ƙarshe, wani babu. Haka nan jerin sunayen: naka, na mahaifi, na kaka, dole su zo yadda suke a asusunka na banki. Na ga wani dattijo ɗan'uwanmu da ya sayar da motar haya, cek ɗinsa na gaskiya ne ba shakka, amma an tsallake sunan mahaifinsa an rubuta na kakansa, sai ma'aikaci ya ƙi karɓa. Gyaran irin wannan kuskure ba a hannunka yake ba. Wanda ya sayi cek ɗin ne zai koma reshen ya nemi a soke shi a fitar da sabo, kuma a lokacin mai sayen ya riga ya tafi Ta'if da mota, sai da aka yi ta roƙonsa kafin ya dawo. Saboda haka ka tura wa mai sayen sunanka a rubuce kamar yadda yake a ikama tun kafin ya je banki.

Kada kuma ka yarda da cek da aka rubuta da sunan wani aka sa hannu a bayansa aka juyo maka shi, ko da an ce maka ɗan'uwan mai sayen ne. Yawancin waɗannan cek suna ɗauke da rubutun da yake cewa ba a biya sai ga mustafid na farko, wato wanda sunansa yake a gaba, don haka sa hannun baya ba zai amfane ka da komai ba. Idan ka ga layuka biyu a jere sun ratsa fuskar cek ɗin, ma'anarsu ita ce biyan zai bi ta banki, ba kuɗi a hannu ga duk wanda ya zo da takarda ba, to ka tabbata asusunka yana aiki, kuma ikamarka ba ta ƙare ba har banki ya dakatar da shi.

Bayan suna sai adadi, kuma naka adadin yana da sauƙin yi wa dabara. Mutum zai iya sayen cek na gaskiya na Riyal 5,000, ya ƙara 8 a gaban lambar ta zama 85,000. A rubutun kalmomi ma aikin ba shi da yawa, domin hamsatu alaf da hamsatun wa samanuna alfan duka da kalma ɗaya suke farawa, abin da ya biyo baya kawai za a goge a sake bugawa. To ka duba ko lambar farko ta matsu da alamar da banki yake sawa don rufe gurbi, ko ta ɗan fi sauran duhu, ko ta sauka daga layi. Ka duba kalmomin da suke tsakanin fakat da la gairu, waɗanda ake buɗe adadin da rufe shi da su, ko girman haruffansu ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Ka shafa wurin da ɗan yatsa: inda aka kankare yakan yi kaushi, inda aka wanke da sinadari kuma zanen ƙasan takardar yakan dushe ko ya bar tabo, domin da gangan ake yin takardar cek ta yadda za ta tona asirin wanda ya taɓa ta. Idan lamba da kalmomi suka saɓa, doka kalmomi take bi, amma a aikace banki mayar maka da cek ɗin zai yi.

Sauran alamomin ba sa ɗaukar lokaci. Ka ɗaga takardar ga haske ka nemi tambarin da yake cikin jikinta, wanda ake gani ta gaba da ta baya. Na bogi a sama ake buga shi da launi mai haske, yana bayyana ko ba a ɗaga ba. Ka haska kyamarar wayarka ka ƙara girma a kan siraran layuka, domin a cek na gaske wasu daga cikinsu ƙananan haruffa ne a jere, a kwafi kuwa sukan narke su zama ɗigo-ɗigo. Jerin lambobin da ke ƙasa da tawada ta musamman ake buga su don na'ura ta karanta, kuma lambar cek da ke cikinsu dole ta yi daidai da wadda take sama. Sa hannun jami'an banki ka karkata takardar ka gani ko biro ne ya taka ta ko hoto ne. Sannan ka lura da sunan bankin kansa. Samba ya haɗe da Ahli a 2021, Alawwal kuma ya shiga SABB tun 2019, don haka cek mai kwanan watan wannan mako da ya zo da tsohon tambari abin tsayawa ne a yi tambaya. Kwanan watan ma ka dube shi, domin dokar takardun kasuwanci ta ba da wata ɗaya a gabatar da cek da aka rubuta a cikin Saudiyya, kuma babu dalilin da zai sa cinikin yau ya zo da cek na watan jiya.

Ko da duk waɗannan sun yi daidai, ba ka gama ba. Kada ka kira lambar wayar da ke jikin cek ɗin ko wadda mai sayen ya ba ka, domin wanda ya iya buga takarda ya iya ajiye mai ɗaukar waya. Abin da muke yi a ma'arad shi ne mu tafi tare da mai saye zuwa reshen bankin da ya fitar da cek ɗin, a miƙa wa ma'aikaci asalin takardar, ya buɗe na'urarsa ya tabbatar da abubuwa huɗu a lokaci guda: lambar, adadin, sunan mustafid, da kuma cewa ba a soke shi ba. Tambayar lamba kaɗai ba ta wadatar ba, tunda cek ɗin Riyal 5,000 da na ambata lambarsa ta gaske ce. Idan kana da asusu a wannan banki, ka zuba shi nan take. Idan a wani banki asusunka yake, cek ɗin zai bi ta makassa, wato tantance cek tsakanin bankuna, kuma hakan yakan ci kwanakin aiki. Rasit ɗin da za a ba ka shaida ce kawai ta cewa an karɓi takarda, saƙon waya ma ana iya ƙirƙirarsa, saboda haka ka shiga manhajar bankinka da kanka ka duba kuɗin da za ka iya cirewa, ba jimillar da aka nuna ba.

Sai kuɗin sun zauna sannan ka amince da sauya mallaka a Absher, manhajar hukuma, ko ka sa hannu a ma'arad, sannan ka miƙa istimara, wato takardar rajistar motar, da makulli. Ina nanata wannan jeri ne saboda mutane suna dogaro da tsananin dokar cek a ƙasar nan, inda mai ba da cek babu kuɗi yake fuskantar ɗaurin da zai iya kai shekara 3 da tarar da za ta iya kai Riyal 50,000, kuma ana iya kai cek kotun tanfiz, wato kotun zartar da hukunci, kai tsaye. Wannan duka yana aiki ne a kan cek na gaskiya da mutum sananne ya sa wa hannu. Takardar bogi ba ta ɗora wa banki komai ba, maganarta ta 'yan sanda ce, kuma kai da ka miƙa ta a banki kai za a fara tambaya daga ina ka samo ta. Don haka tun a zaman farko ka ga ainihin katin shaidar mai sayen, ka tabbata sunansa ne za a sa a mallakar motar, ka kuma adana duk saƙonnin da kuka yi da shi har da hoton cek ɗin da ya turo maka.